Kafin a Kunna Kyamara: Takardu Biyu Tsakanin Mai Tasha da Malamin da Ya Gayyata

Yawancin saɓanin da ke tashi tsakanin masu tashoshin YouTube da malaman da suke gayyata ba a kan abin da malami ya faɗa yake tashi ba. A kan abin da aka yi da maganar ne bayan malam ya koma gida. An yi hira ta sa'a ɗaya da rabi cikin raha, an sha lemo, an yi sallama da addu'a. Bayan sati biyu sai ga wani guntu na daƙiƙa arba'in yana yawo a WhatsApp, an yanke sharaɗin da malam ya gindaya a farkon jimla, an bar hukuncin shi kaɗai tsirara. Malam ya kira a fusace. Mai tasha ya ce, "Ai Malam, ka amince." Malam ya ce, "Na amince da hira, ban amince da wannan ba." Kuma dukansu biyu gaskiya suke faɗa, domin "to, ba komai, Allah ya kai mu" da malam ya ce a waya ba ta fayyace komai ba.

Takardu biyu ne ke toshe wannan ɓaraka. Ta farko takardar bayani ce da ake aika wa baƙo kwanaki kafin ɗauka, don ya san abin da zai tarar. Ta biyu kalmomin amincewa ne, waɗanda zai sa wa hannu ko ya furta da bakinsa. Kowacce ba ta wuce shafi ɗaya, kuma ba a buƙatar Turancin lauyoyi kafin ta yi aiki. Abin da ake buƙata shi ne ta ambaci abubuwa da sunansu, kuma kada mai tasha ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Don kada magana ta tsaya a iska, bari mu bi misali ɗaya tun daga farko. A ce wata tasha ta tarihi da ke aiki a Kano tana son gayyatar wani malamin jami'a, masanin tarihi, ya yi bayani a kan Yaƙin Basasa na Kano, wanda aka gwabza daga 1893 zuwa 1895. Labarin sananne ne. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka fice ƙarƙashin Yusufu suka yi sansani a Takai. Yusufu ya rasu kafin a gama, ƙanensa Aliyu Babba, wato Alu, ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894, Tukur kuma ya gamu da ajalinsa a Tafashiya a 1895. Maudu'i ne mai daɗin ji, amma yana da ƙaya. Jikokin Tukurawa da na Yusufawa suna nan da ransu, kuma tun daga 2019 maganar sarautar Kano ta zama abin da kowace jimla a kanta ake iya ɗauka a jefi wani da ita. Malamin da zai zauna gaban kyamara a kan wannan yana da haƙƙin sanin inda maganarsa za ta je.

Takardar bayani

A aika ta aƙalla mako guda kafin ranar ɗauka, kuma a rubuce, ko da ta WhatsApp ce. Bayanin baki a waya yana shuɗewa, kowa ya riƙe abin da ya yi masa daɗi. Takardar ta fara da gabatar da tashar: sunanta, wanda ke da ita, irin shirye-shiryen da take yi, da adireshin bidiyo biyu da suka yi kama da wanda za a yi. Wannan na ƙarshe ya fi dogon yabon kai amfani. Malami ya kalli minti biyar na shirin da ya gabata, zai gane ko tashar ta masu natsuwa ce ko ta masu neman a danna ko ta halin ƙaƙa.

Sai iyakar maudu'i, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Rubuta "za mu tattauna tarihin Kano" bai gaya wa baƙo komai ba. A misalinmu takardar za ta ce wani abu kamar haka:

"Hirar za ta taƙaita ne ga Basasar Kano, daga rasuwar Sarki Bello a 1893 zuwa ƙarshen yaƙin a 1895, da ɗan abin da ya biyo baya har shigowar Turawa Kano a 1903. Za mu tambaye ka abubuwa biyar: dalilan rikicin gadon sarauta, rawar da Sakkwato ta taka, yadda hakimai da bayin sarki suka rabu, abin da yaƙin ya yi wa talakawa da kasuwanci, da kuma irin madogaran da masana ke amfani da su. Ba za mu tambaye ka ra'ayinka a kan rikicin masarauta na yanzu ba. Idan wata tambaya ta biyo baya a cikin hira wadda ba ka so, ka ce a wuce, za a wuce, kuma ba za a nuna wurin da ka ƙi amsawa ba."

Jimlar ƙarshen nan tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙin amsa tambaya a gaban kyamara shi kansa labari ne a hannun mai tace bidiyo mara amana. Shirun daƙiƙa uku da murmushin yaƙe sun isa a yi musu take.

Akwai masu cewa bai kamata a nuna wa baƙo tambayoyi ba, kada hira ta zama wasan kwaikwayo. Wannan gaskiya ne ga ɗan jaridar da ke titsiye gwamna a kan kuɗin jama'a. Amma masani ba titsiye aka kira shi ba, ilimi aka kira shi ya bayar, kuma ilimi yana son a duba littafi. Mutumin da aka gaya masa za a tambaye shi madogara zai sake leƙa littafin Adamu Fika na 1978 a kan Basasa, ya tabbatar da shekaru da sunayen garuruwa. Wanda aka yi wa ba-zata zai yi ta laluben shekara a ka, ya faɗi 1894 a inda ya kamata ya ce 1895, kuskuren ya zauna a bidiyo da fuskarsa a kai. A ganina a ba shi fannonin tambaya duka, ba lallai kalma da kalma ba, a kuma gaya masa cewa tambayoyin bi-baya za su taso daga amsoshinsa.

Daga nan takardar ta faɗi tsawon lokaci guda biyu, domin ba ɗaya ba ne: za a ɗauki kamar minti casa'in, abin da zai fita kuma bai wuce minti talatin da biyar ba. Baƙon da bai san wannan ba zai kalli bidiyo ya ga fiye da rabin maganarsa babu, ya ɗauka an yi masa ƙeta. A faɗi harshen hira, da ko za a sa fassara a ƙasan allo, da wanda zai yi fassarar. A tambaye shi yadda yake son a rubuta sunansa da laƙabinsa, harafi da harafi. Kiran Dakta da Farfesa ba karramawa ba ce, jefa shi cikin tsegumin abokan aiki ne. A kuma tambaye shi ko yana so sunan jami'arsa ya bayyana. Da zarar an rubuta sunan jami'a a ƙarƙashin fuskar mutum, masu kallo da yawa za su ɗauka da yawunta yake magana, kuma wasu wuraren aiki suna da ƙa'idarsu a kan ma'aikaci ya yi magana da kafafen watsa labarai. Shi ya san gidansa, a bar masa zaɓi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, layi ɗaya-ɗaya sun ishe su. Wuri da lokaci, a zaɓi tsakanin hantsi da azahar don kada salla ta raba hira biyu haske ya canza. Tufafi masu ƙananan zane-zane a jere suna rawa a idon kyamara, farar shadda mai ƙyalli kuma tana cinye haske ta bar fuska a duhu. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuya yana gogar aikin babbar riga ko gefen mayafi ya yi ƙarar da ba ta gyaruwa. Idan a gidan malam za a yi, a san inda janareto yake. Kuma a faɗi maganar kuɗi a fili: akwai kuɗin mota ko wani tukuici, nawa ne, yaushe za a bayar, ko kuwa babu. Kunyar ambaton kuɗi a gaban malami ita ce ke haifar da gunaguni daga baya, ranar da ya ji an ce bidiyonsa ya tara masu kallo dubu ɗari.

Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa: a gaya masa lokacin da makirfo ke fara ɗauka. Mai ɗaukar sauti yakan kunna na'ura tun ana gwaji, malam kuwa yana nan yana hirar bayan fage, yana faɗin abin da yake gani game da wani basarake mai rai. Takardar ta ce a fili: abin da aka faɗa kafin mai gabatarwa ya ce an fara, da bayan ya ce an gama, da lokacin hutu, ba ya cikin shiri, kuma za a goge shi.

Abin da doka ta ce, a taƙaice

Dokoki biyu na Najeriya ne suka fi shafar wannan. Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, tana ɗaukar duk abin da za a iya gane mutum da shi a matsayin bayanansa, fuska da murya da suna kuwa suna ciki. Ta ce amincewa sai ta kasance da son rai, a kan abu takamaimai, kuma mutum ya san abin da yake amincewa da shi. Shiru ko rashin motsi ba amincewa ba ne. Ana iya bayar da ita a rubuce, ko da baki, ko ta na'ura, kuma mutum yana iya janye ta, sai dai janyewar ba ta mayar da abin da aka riga aka yi kafin ta ya zama laifi. Nauyin tabbatar da cewa an samu amincewar yana kan wanda ya karɓi bayanan, wato mai tasha. Dokar ta yi sassauci ga aikin jarida da na ilimi da ake wallafawa don amfanin jama'a, amma ƙaramar tasha da ta jingina da wannan sassauci maimakon ta nemi sa hannu ta zaɓi hanya mai tsawo, wadda ke iya bi ta ofishin lauya.

Ta biyu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. A ƙarƙashinta, wanda ya shirya aka yi bidiyo shi ake ɗauka mai shi. Amma wannan bai ba shi littafin malam ba, ko takardar da ya gabatar a taro, ko hotunan da ya zo da su. Dokar ta kuma bambanta abu biyu: miƙa haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai, sai a rubuce, izinin da bai hana mai abu ya ba wa wasu ba kuwa yana iya kasancewa da baki. Tashar YouTube ba ta buƙatar na farkon. Duk takardar da ta ce malam ya miƙa "dukkan haƙƙoƙinsa har abada a ko'ina cikin duniya" an kwafo ta ne daga takardun manyan kamfanonin fim na waje, kuma malamin da ya karanta ta da kyau zai yi daidai idan ya ajiye biro.

Kalmomin amincewa

Ga yadda za a iya rubuta ta ga baƙonmu. Na bar ta da muryarsa, domin shi ne mai amincewa:

"Ni, wane, na karanta takardar bayanin da tasha kaza ta aiko mini ranar kaza. Na amince a ɗauki hotona da muryata a hirar da za a yi ranar kaza a kan Basasar Kano. Na amince a tace hirar, a rage tsawonta, a ɗora ta a tashar YouTube ɗin nan da shafinta na Facebook, muddin tacewar ba ta juya ma'anar maganata ba. Na san tashar tana samun kuɗin talla daga bidiyon. Ilimin da na faɗa da rubuce-rubucena nawa ne, ina da damar faɗin su ko wallafa su a duk inda na ga dama."

Wannan shi ne gangar jiki. A lura an ambaci wuraren ɗorawa da suna. Idan tashar tana da niyyar ba wa gidan rediyo sautin, ko ta sa shi a TikTok, ta rubuta yanzu. Idan ba ta rubuta ba, ranar da buƙatar ta taso sai ta koma wurin malam ta nemi sabon izini, ko da saƙon waya ne da zai amsa da "na amince". Kalmar "da sauransu" ba ta da wuri a nan.

Bayan gangar jiki sai abubuwan da ya kamata ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da "na amince" da "ban amince ba" a gabansa, ba a riga an cika masa ba. Mafi girma a cikinsu shi ne guntaye.

Tasha tana rayuwa ne da guntaye. Bidiyon minti talatin da biyar mutane kaɗan ne za su gano shi da kansu. Guntun minti ɗaya a Shorts shi ke jawo su. Don haka hana guntaye gaba ɗaya kamar a buɗe shago ne a hana shi ƙofa. Amma dubi abin da zai iya faruwa a misalinmu. Malam ya ce: "A ruwayar da Yusufawa suka riƙe, naɗin Tukur zalunci ne da Sakkwato ta ƙaƙaba wa Kano, amma idan ka duba ta ɓangaren Sarkin Musulmi, yana da hujjarsa ta naɗa shi." Mai tacewa yana neman abin da zai ja ido, sai ya fara guntun daga "naɗin Tukur zalunci ne", ya tsaya a "Kano". Babu kalma ɗaya da aka ƙirƙira, duk malam ya faɗa. Amma an mayar da mai ruwaya ya zama mai hukunci, kuma a Kano ta yau ba za a rasa wanda zai liƙa wa guntun hoton wani sarki mai rai ba. Kalmomin da ke hana wannan su ne:

"Na amince a fitar da guntaye da ba su wuce uku ba daga hirar. Za a nuna mini kowane guntu kafin a sake shi. Ba za a fara guntu ko a ƙare shi a tsakiyar jimla ba, kuma idan ina ruwaito ra'ayin wasu ne, ba za a cire wurin da na ce ra'ayin wasu ne ba. Kowane guntu zai ɗauki sunan tashar da taken cikakken shirin."

Sharaɗin sunan tasha a jikin guntu ba ado ba ne. Ranar da guntun ya fita daga YouTube ya shiga wayoyin mutane, wannan rubutun ne kaɗai zai nuna wa mai neman gaskiya inda cikakkiyar maganar take.

Haka take da hoton da ake gani kafin a danna bidiyo. Mutane da yawa iyakar abin da za su gani ke nan. Shirin na iya zama mai tsafta daga farko har ƙarshe, amma a sa masa fuskar malam baki buɗe, da jan rubutu "Farfesa ya tona asirin gidan sarautar Kano". Takardar ta ce ba za a sa magana cikin alamar zance a take ko a hoto ba sai wadda ya faɗa da lafazinta, kuma za a nuna masa take da hoto tare da bidiyon. Idan tashar tana da al'adar canza take bayan kwana biyu don ƙara masu kallo, sharaɗin ya bi sabon taken ma.

Talla ita ce wurin da masu tasha suka fi yin alkawarin da ba za su iya cikawa ba. Malami, musamman na addini, zai ce ba ya son talla a kan karatunsa, mai tasha ya ce an gama. To amma tun 2021 ƙa'idojin YouTube suka ba kamfanin damar sa talla a kan bidiyon tashoshin da ba su ma shiga tsarin raba kuɗi ba. Tashar da ke cikin tsarin tana iya kashe neman kuɗi a kan bidiyo ɗaya, tana kuma iya toshe wasu rukunan talla, amma ba ita ke zaɓar kowace tallar da mai kallo zai gani ba. Gaskiyar da za a rubuta ita ce: "Za mu kashe talla a kan wannan bidiyo daga ɓangarenmu," ko kuma "Za a sa talla, za mu toshe rukunan da za mu iya, amma zaɓin kowace talla ba a hannunmu yake ba." Tallar da tashar ta karɓo da kanta kuwa, wadda mai gabatarwa ke karantawa a tsakiyar shiri, wannan tana hannunta ɗari bisa ɗari. A gaya wa malam sunan mai tallar tun kafin ɗauka. Babu masanin da ke son a yanke maganarsa a kan Tafashiya a shiga tallar maganin ƙarfin maza, a dawo kan fuskarsa kamar shi ya sa albarka.

Akwai kuma wani zaɓi a YouTube Studio da ake dannawa ba tare da tunani ba, wurin da aka rubuta License. Idan aka bar shi a kan Standard YouTube License, haƙƙin bidiyo yana nan wurin tasha. Idan aka mayar da shi Creative Commons, an ba kowa a duniya izinin ya ɗauka ya yanka ya sake amfani da shi, muddin ya ambaci mai shi. Tashar da ta yi wa malam alkawarin kula da guntaye sannan ta zaɓi wannan ta warware alkawarinta da hannunta. Haka zaɓin da ke ba wasu damar ɗibar bidiyon su haɗa nasu Shorts. Idan an yi alkawarin tsare guntaye, a kashe shi.

Dubawa kafin saki, da janyewa bayan saki

Ba wa baƙo damar ganin bidiyo kafin a sake shi yana da kyau, amma sai an yi masa iyaka, in ba haka ba shiri zai kwana wata uku a hannun malam. Iyakar ta kasu biyu, lokaci da nau'in gyara. "Za a aiko mini da bidiyon in duba cikin kwana biyar. Ina iya neman a gyara kuskuren suna, shekara ko wuri, ko a cire wurin da tacewa ta juya maganata, ko wanda na ga zai jawo mini cutarwa. Tsarin shirin da tsawonsa na tasha ne. Idan kwana biyar suka wuce ban ce komai ba, tasha za ta tuntuɓe ni sau ɗaya, sannan ta saki." Wani zai ce ai an ce shiru ba amincewa ba ne. Haka ne, shi ya sa ake karɓar amincewar tun farko da sa hannu. Shirun kwana biyar ba ya ba da izini, yana nuna dai babu gyara.

Yadda ake aika masa ma abin lura ne. Bidiyon da aka sa a Unlisted ba ya fitowa a bincike, amma duk wanda ya samu adireshin zai kalla, kuma malam da kansa yana iya tura wa abokinsa don neman shawara, daga nan ya bazu kafin a gyara. Wanda aka sa a Private sai wanda aka gayyata da adireshin imel ɗinsa, kuma sai ya shiga da asusunsa na Google. Ga maudu'i irin Basasa, Private ya fi, ko kuma a ɗauki kwamfuta a je a nuna masa a ofis, a rubuta gyare-gyarensa da mintin da kowanne yake. Dalilin matsa wa dubawa kafin saki shi ne YouTube ba ya barin a musanya bidiyon da aka riga aka ɗora da wani a adireshi ɗaya. Ana iya yanke wani yanki a Editor na YouTube Studio, amma ba a iya ƙara sabuwar magana. Idan malam ya ce Garko a inda yake nufin Gaya, bayan saki sai dai a yanke wurin, ko a rubuta gyara a ƙasa, ko a sauke a sake ɗorawa a rasa duk masu kallon da aka tara.

Janyewa kuma a rubuta ta yadda take a zahiri: "Ina iya neman a sauke bidiyon a kowane lokaci ta hanyar rubuto wa tasha. Tasha za ta sauke shi da guntayensa daga shafukanta cikin kwana bakwai. Na san tasha ba ta da iko a kan kwafin da wasu suka riga suka sauke a wayoyinsu." Jimlar ƙarshen ba ta da daɗin ji, kuma wasu masu tasha suna tsoron za ta kori baƙo. Gara ta kore shi tun yanzu. Abin da tasha za ta iya ƙarawa da gaskiya shi ne, a matsayinta na mai haƙƙin bidiyon, za ta kai ƙorafi ga YouTube ko Facebook idan wani ya sake ɗora shi a yanke. A kuma faɗi makomar ɗanyen abin da aka ɗauka, minti hamsin da biyar ɗin da ba su fita ba: wa ke ajiye da su, har zuwa yaushe, kuma ba za a fitar da komai daga ciki ba sai da sabon izini.

Idan malam ya zo da hotunan tsofaffin takardu, a ce wasiƙun da ya ɗauka a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko a Arewa House, ko wani kundi na ajami da wani gida ya ba shi amana, a tambaye shi ko izinin da aka ba shi na karatu ne kawai ko har da nunawa duniya. Sau da yawa na karatu ne. Gidan da ya buɗe wa mai bincike adakar kakansa bai yi haka don a gani a YouTube ba, kuma idan abin ya ɓaci, ƙofar da za a rufe ta malam ce, ba ta tasha ba.

Saura dattijon malamin zaure, wanda miƙa masa takarda da biro zai zame masa kamar an ce ba a yarda da maganarsa ba. Tun da doka ta karɓi amincewar baki, ba sai an tilasta ba. A aika takardar ta hannun ɗansa ko babban almajirinsa a karanta masa tun kafin ranar. Ranar ɗauka, kafin a fara, mai gabatarwa ya kunna kyamara ya ce: "Allah ya gafarta Malam, yau ranar kaza, mun zo ɗaukar karatu a kan kaza. Za mu sa shi a YouTube da Facebook, za mu ciri guntaye uku mu nuna maka kafin mu sake su, kuma duk ranar da ka ce a sauke za mu sauke daga wurinmu. Malam ya amince?" A bar shi ya amsa da kalmominsa, har da duk sharaɗin da ya ƙara. A ajiye wannan ɗaukar daban, da kwanan wata a sunanta, kada a haɗa ta da shirin, a kuma tura wa ɗan nasa kwafi a ranar. Malamar da ta ce a ɗauki murya kawai, ko kada a yi amfani da fuskarta a hoton bidiyo, a rubuta hakan a cikin zaɓuɓɓukanta, a kuma gaya wa mai tacewa baki da baki, domin sau da yawa shi bai taɓa ganin takardar ba. Almajiran da ke zaune a bayan malam kuma amincewarsa ba ta rufe su ba. Wanda bai kai shekara 18 ba doka na neman izinin iyayensa ko mai kula da shi, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne a juya kyamara yadda malam kaɗai zai fito, yaran su zauna ta bayan mai ɗauka.